Auna Riba da Kwanon Gero

Jama'a, idan kuɗin mutum sun ƙaru, ba lalle ne ya ci riba ba. Sai an duba abin da kuɗin za su saya a kasuwa.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 kaya sun yi tsada da kusan naira 35 a kan kowace ɗari, in an gwada da Disamban 2023. To, bari mu yi misali da wannan shekara. Mu ce kwanon gero naira 1,000 ne a kasuwar Sabon Birni, da shekara ta kewayo ya koma 1,350. Ga mutum uku a Burkusuma, kowa da naira 100,000, watau kuɗin kwano 100.

Na farko ya kai nasa banki. Mu ce an ƙara masa 8,000, an cire 1,000 na kati da saƙon waya. Ya tashi da 107,000, yana murna. Amma ku raba 107,000 da 1,350. Kwano 79 ke nan. Kwano 21 sun tafi, ba kuwa ɓarawo ya ɗauka ba.

Na biyu ya sayi hannun jari, watau ɗan rabo a cikin wani kamfani. Da shekara ta cika ya sayar a kan 130,000. Kamfani kuma ya raba riba, nasa 10,000. A wannan riba gwamnati kan cire naira 10 cikin ɗari tun kafin ta iso hannu, saura 9,000. Dillali ya ci 3,000, saye da sayarwa. Abin da ya rage 136,000, kwano 100 da ɗan ɗori. Bai ci ba, ba a ci shi ba. Ku lura, ya biya haraji duk da haka. Wata shekara kuma hannun jarin faɗuwa yake yi.

Na uku ya sayi fili, ya sayar a kan 150,000. La'ada da kuɗin takardar shaida suka ci 10,000. Saura 140,000, kusan kwano 104. Ribarsa ta gaskiya kwano 4 ce, ko da yake zai ce wa mutane ya ci dubu hamsin.

A nan ne aka fi ruɗin kai. Sau da yawa mai fili bai sayar ba, ji ya yi maƙwabci ya sayar da tsada, sai ya lissafa nasa haka. Kuɗin da ba a taya ba, ba kuɗi ba ne. Mu mutanen Gobir mun gani: gonar da 'yan bindiga suka hana zuwa, ba mai taya ta ko da rabin kuɗinta.

Wanda bai cika sayen gero ba, ya auna da abin da gidansa ya fi saye, ko taki, ko shinkafa. Amma ma'aunin ya zama ɗaya ga duka ukun, kuma a gwada kaka da kaka, don gero kan yi araha da kaka, ya yi tsada da damina.