Albashi Ya Ƙaru, Ajiya Tana Nan Inda Take

Ƙarin samu ba ya ƙarewa a rana ɗaya. Sulalewa yake yi ta ƙananan hidimomi masu dawowa kowane wata, har mutum ya rasa inda kuɗin ya shiga.

Mu ɗauki ma'aikacin da ke karɓar naira 150,000 yana ajiye 15,000, wato kashi 10 cikin ɗari. Sai aka yi masa ƙarin girma, albashi ya koma 210,000. Ya karɓi sabuwar waya bashi, yana biyan 18,000 duk wata. Ya daina shiga motar haya ya koma shatar adaidaita sahu, ƙarin 12,000. Data da kuɗin tashoshin talabijin suka ci 8,000, nama da lemo suka ƙara wa cefane 10,000. Dangi kuma sun ji labari, gudummawar biki da suna ta tashi da 12,000. Ƙarin 60,000 ya tafi ke nan. Ajiyarsa tana nan 15,000, amma yanzu kusan kashi 7 ce kawai ta albashinsa.

Babbar ɓarnar ba a nan ta tsaya ba. Da, yana kashe 135,000 a wata, don haka naira 405,000 da ya tara za ta riƙe gidansa wata uku idan aiki ya tsaya. Yanzu da yake kashe 195,000, wata biyu kawai za ta kai shi. Hidimar da iyali suka saba da ita kuwa, janye ta sai an sha rigima.

Sai dai a bambanta wannan da tsadar kaya. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya daga 30,000 zuwa 70,000, a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Idan kwanon shinkafar da ka saba saya ne ya yi tsada, kasuwa ce. Idan kwanonin ne suka ƙaru, ko ka sauya zuwa mai tsada, kai ne. Ka kwatanta cefanen bara da na bana ta yawan kaya da irinsu.

Maganin shi ne a raba ƙarin tun kafin ya shigo hannu. Bayan an cike giɓin tsadar abinci da haya, rabin abin da ya saura ya tafi adashi, ko ƙungiyar gama kai ta wurin aiki, ko a umarci banki ya riƙa cirewa ranar biyan albashi. Haka kuɗin fansho ke taruwa, tunda kashi 8 ɗin ma'aikaci ana cire shi kafin ya gani. Sannan kada a ɗauki wata sabuwar hidimar wata-wata sai ƙarin ya yi wata uku a hannu. Taimakon dangi ma a yanka masa adadi. Da wannan ma'aikacin ya ware 30,000 tun farko, da shekara za ta zagayo masa da ƙarin ajiyar naira 360,000.