Agogon da Ke Kwana a Caji da Wanda Ke Shekara Bakwai da Batir Ɗaya

A shekarar 2015 kamfanin Apple ya fito da agogonsa na farko, ciki har da wani samfuri na zinariya da farashinsa ya tashi daga dala 10,000 ya kai 17,000. Bayan shekara uku kacal, sabuwar manhajar kamfanin ta daina shiga cikinsa. A 2023 kuma aka jera shi cikin kayan da kamfanin ya daina gyarawa. Shi kuwa Casio F-91W, ɗan baƙin agogon roba da ya cika hannun 'yan makaranta, tun 1989 ake ƙera shi, kuma har yau kamanninsa ba su canza ba.

Bambancin ya faro ne daga batir. Agogon Casio ɗin na aiki da ɗan batir mai siffar kwabo, CR2016, wanda kamfanin ya ce yana kai wa shekara bakwai. Dalili kuwa aikinsa kaɗan ne: wani ɗan ƙanƙanin dutse a cikinsa yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda, shi kuma yana ƙirgawa. Agogon ƙarfe irin Seiko 5, wanda dattawa suka fi sani, ba ya ma buƙatar batir. Motsin hannu ke ɗaura shi, kuma ko an ajiye shi yakan yi kusan awa 40 kafin ya tsaya.

Agogon zamani kuwa ƙaramar waya ce aka ɗaura a hannu. Yana da fuska mai haske, yana magana da waya ba dare ba rana, yana kunna fitilu a kan fata. Shekara da shekaru alƙawarin Apple a kan samfuransa na gama-gari bai wuce awa 18 a caji ɗaya ba, sai a 2025 ya kai 24. Wasu samfuran Garmin da Huawei da Amazfit sukan yi mako ɗaya zuwa biyu, saboda an rage musu ayyuka. A garin da ake yini biyu ba a ga wutar nefa ba, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Cajin kullum ɗin ne kuma ke cinye kwanakin agogon. Apple ya ce an tsara batirinsa ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 1,000. Mai ƙarar da batir kowace rana zai kai wannan adadi kafin shekara uku. A ɗauki mutumin da ke cire agogo daga caji da ƙarfe 6 na safe. Yana sabo, yakan kai shi 12 na dare. Bayan shekara uku, awa 18 ta koma 14 da ɗoriya, wato yana dawowa daga sallar Isha'i fuskar ta yi baƙi. Zafi ma na ƙara gaggauta lamarin. Kamfanin ya ce agogon ya fi yin aiki daidai idan zafi bai wuce digiri 35 ba, alhali a Sakkwato da Maiduguri watan Afrilu kan haura 40. Ga shi an manne batirin da gam a ciki, ba kowane mai gyara ke iya canza shi ba tare da ya lalata kariyar ruwa ba. Tsohon Seiko kuwa, in dai ana kai shi a wanke a sa masa mai bayan 'yan shekaru, ɗa na iya gadonsa.

To me mai agogon zamani ke saye da wannan wahala? Amsar da 'yan kasuwa suka fi bayarwa ita ce lafiya, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a tantance.

Idan aka juya bayan agogon za a ga koren haske yana ƙiftawa. Jini na shanye koren haske. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini na ƙaruwa a jijiyoyin wuyan hannu, sai hasken da ke dawowa ya ragu. Wannan hawa da saukar agogon ke ƙirgawa, kuma ya iya. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na'urori bakwai a jikin mutum 60. Shida sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma da aka zo lissafin kuzarin da jiki ya ƙona, wadda ta fi kowacce ta kauce da kashi 27, ta ƙarshe da kashi 93. Mai son rage ƙiba da ke auna tuwonsa da lambar agogo yana gini ne a kan yashi.

Wani binciken na Stanford, da aka wallafa a 2019, ya bi mutum fiye da 419,000 masu ɗaura Apple Watch don gano rikicewar bugun zuciya, irin wadda kan jawo shanyewar ɓarin jiki. Kusan mutum ɗaya cikin 200 ne agogon ya yi wa gargaɗi. Cikin 450 da aka manna wa na'urar asibiti daga baya, kashi 34 aka tabbatar suna da matsalar. Ciwon yana zuwa yana tafiya, don haka ba za a ce sauran duk ƙarya aka yi musu ba. Gargaɗin dai dalili ne na zuwa asibiti, ba sakamakon gwaji ba.

Launin fata ma ya shigo cikin maganar, tunda baƙar fata ta fi shan haske. Binciken 2017 ya ga kuskure ya ɗan fi yawa a masu duhun fata, wani na Jami'ar Duke a 2020 bai ga bambancin a zo a gani ba, ya ce motsa jiki ne ya fi rikita awon. A wannan shekarar kuma likitoci a Jami'ar Michigan suka gano cewa hatta na'urar asibiti da ake maƙalawa a yatsa ta fi kasa gano ƙarancin iskar oksijin a jinin baƙaƙen fata, kusan ninki uku a kan farare. Idan ta asibiti ke nan, mai ciwon asma ko sikila bai kamata ya jingina da lambar agogo ba.

Haɗarin ya fi yawa a agogunan araha da suka cika kasuwannin waya, waɗanda kwalinsu ke alƙawarin auna hawan jini da suga. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna suga ba tare da huda fata ba. Mai ciwon suga da ya ƙara allura bisa lambar bogi na iya faɗuwa a sume. Shi ma awon hawan jini, ko a agogon Samsung na asali sai an daidaita shi da na'urar da ake ɗaurawa a damtse duk mako huɗu. Wanda bai taɓa neman a daidaita shi ba, kuma kullum yana nuna lamba kusa da 120/80, abin zargi ne.

Ana iya gwada shi tun a shago. Mai saye ya ɗaura agogon sama da ƙashin wuyan hannu da kamar faɗin yatsa, ya matse daidai. Sai ya dafa jijiyar ɗaya hannun ya ƙirga bugu na daƙiƙa 30, ya ninka biyu. Idan ya samu 38, wato 76 ke nan, agogon kirki zai nuna abin da ke kusa da haka. Daga nan ya yi tsalle ko ya hau bene na minti ɗaya. Zuciya za ta haura 100, kuma dole lambar ta bi ta, sannan ta sauko a hankali. Idan ta tsaya tana lilo tsakanin 70 da 80, koren hasken ado ne kawai, kuma ba a auna komai ba.