Tambaya ta 7 ta tona asirin kanta

A ce ɗalibai 40 sun rubuta gwajin lissafi. Mutum 30 sun ci tambaya ta 7. Malama ta raba 30 da 40, ta sami 0.75, ma'aunin wahala ke nan, tambayar ba ta da tsauri.

Sai ta ware zakaru 10 da 'yan baya 10. A zakarun 5 suka ci, a 'yan bayan kuwa 8. Ta ɗebe 8 daga 5, ta raba da 10, ma'aunin bambancewa ya fito −0.3. Abin damuwa ne ƙwarai a ce masu ƙoƙari ne ke faɗuwa.

Gajeriyar takardar da ta kai wa shugaban sashe ta ƙunshi alƙaluman biyu da shawara: a binciki amsar da aka yi maki da ita, wataƙila kuskure ce.