Ƙofar Wambai Da La'asar

Wanda bai bi ta Ƙofar Wambai bayan la'asar ba, bai san abin da ake kira cunkoso a Kano ba. Kasuwar Kwari ta tashi, ma'aikata sun taso, kowa na son Magariba ta same shi a gida.

Matsalar takan fara da mai Adaidaita Sahu guda ɗaya. Ya hango fasinja, ya tsaya cak a tsakiyar titi ana ciniki kan naira hamsin. Na baya su ɗau hannun da ba nasu ba, a yi kiciɓis, kowa ya ce ba zai ja da baya ba.

"Malam, matsa mana!"

"Ina zan matsa, Alhaji? Tashi sama zan yi?"

Mai fiyawota kuwa addu'arsa kada hanya ta buɗe.