Waƙar Buɗe Taron Mata 'Yan Kasuwa: Dabarar Maimaita Farkon Ɗango

Idan ƙungiyar mata masu sana'a a Zangon Agege ta kira taro, bayan addu'a ana iya buɗewa da 'yar gajeruwar waƙa wadda kowane ɗangonta yake farawa da kalmomi iri ɗaya. Wannan ba amshi ba ne. Amshi yakan dawo bayan baiti, kamar yadda 'yan amshin marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, suke karɓa mata a waƙoƙin amada. Nan kuwa maimaicin a goshin ɗango yake, sauran kalmomin ne ke sauyawa.

Aikin duka yana wajen zaɓen mabuɗin. Ya zama gajere, gaɓa uku zuwa biyar, yadda mai fura da mai turaren wuta da mai kawo tumatir daga Mile 12 za su kama shi tun ji na biyu. A Agege hakan ya fi zama dole, domin zauren ba ya rasa haifaffun Legas da bakinsu ya saba da Yarbanci, da kuma baƙi Yarabawa. Ni dai ina guje wa "Ke ce", don nan da nan waƙar take rikiɗewa ta zama kirarin babbar baƙuwa, sauran mata su koma 'yan kallo. Mabuɗi mai "mu" ya fi ɗaukar kowa. Ga misali:

Da hannunmu muka dama fura tun asuba,
Da hannunmu muka kai zubi ranar Laraba,
Da hannunmu muka ware uwa daga riba,
Da hannunmu gobe za mu tura 'ya'ya gaba.

Kowane ɗango gaɓa 14 ne, mabuɗin ya ci 4, saura 10. Cikin goman nan za a shigar da sabon abu, a kuma sauka kan amsa-amon "ba". Shi ya sa dogon mabuɗi ke kashe waƙa, ba ya barin wurin magana. A lura kuma mabuɗin yana ɗaure nahawu: tunda an gabatar da "da hannunmu", sai dai "muka" ko "muke", ko "za mu" in zancen gaba ne. Wadda ta ce "da hannunmu mun dama", kunne zai ji tuntuɓen.

Abin da ke biyo baya dole ya riƙa hawa: daga sana'a zuwa zubin adashi, daga nan zuwa lissafi, sannan ɗangon ƙarshe ya juya zuwa gobe. Wurin da aka fi faɗuwa shi ne jera kalmomin yabo masu ma'ana ɗaya, jarumai, haziƙai, gwanaye. Ana ganewa daga zaure: mata su karɓi mabuɗin da ƙarfi, daga baya muryoyi su ragu, hira ta tashi a kujerun baya. A ganina baiti uku masu ɗango hurhuɗu sun isa, kuma mai rerawa ta ɗan numfasa kafin kowane "da hannunmu" don zauren ya faɗa tare da ita.