Yaɗuwar Mura Mai Zazzaɓi a Ɗakunan Kwanan Ɗalibai: Nazari Daga Birniwa

A Hausa, kalmar “mura” ta haɗa cututtuka biyu. Akwai mura ta yau da kullum mai majina da atishawa, akwai kuma infuluwenza, wadda kan zo farat ɗaya da zazzaɓi da tari da ciwon jiki. Wannan maƙala ta taƙaita ne ga ta biyun, musamman yadda take ɓarkewa a makarantun kwana da tsangayu irin na Birniwa da sauran ƙasar Haɗeja.

Ƙwayar cutar tana bin numfashi da tari. Takan yi kwana 1 zuwa 4 a jiki kafin alamu su bayyana, kuma mai ɗauke da ita yana iya harbin wani tun kwana guda kafin ya ji ciwo. Saboda haka, ranar da ɗalibi na farko ya kwanta, mai yiwuwa cutar ta riga ta kama maƙwabtan shimfiɗarsa. A shekarar 1978, a wata makarantar kwana ta Ingila, yara 512 cikin 763 suka kwanta a 'yan makonni.

A ɗauki misalin ɗaki mai ɗalibai 40 a Birniwa, a watan Janairu, lokacin da sanyin hunturu ke sa a toshe tagogi. Ɗalibi ya dawo hutu ranar Lahadi, zazzaɓi ya rufe shi ranar Talata. Zuwa Alhamis, na kusa da shi biyu ko uku sun bi sahu. A nan ne aka fi yin kuskure. Da yake zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare a yankin fadama, sai a ba su maganinsa a mayar da su ɗaki. Abin da ke tona asirin infuluwenza shi ne tari tare da zafin jiki da ya kai digiri 38, ga masu ciwon kuma duk 'yan ɗaki ɗaya, cikin kwanaki ƙalilan. Gwajin jini na gaggawa yana taimakawa wajen rarrabewa.

Daƙile ta yana farawa ne da keɓe masu ciwo a ɗaki dabam, har sai sun yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da maganin sauke shi ba. Sai a buɗe tagogi, a ƙara barguna, a nisanta shimfiɗu, a hana haɗa moɗa, a kuma sanar da jami'an lafiya. Magungunan kashe bakteriya ba sa taɓa wannan ƙwaya, kuma ba a ba yara asfirin. Mai asma ko sikila, da duk wanda numfashinsa ya yi nauyi, asibiti ake garzayawa da shi, domin maganin oseltamivir ya fi aiki cikin awa 48 na farko.

Sallamar ɗalibai gida bayan cutar ta bazu tana da nata haɗarin, domin ta haka ake kai ta ga jarirai da tsofaffi a ƙauyuka.