Idan kamfanin jirgi ya soke tafiyarka: yadda ake rubuta takardar neman kuɗi

Duk shekara idan hazon hunturu ya sauko, tsakanin Disamba da Fabrairu, jirage kan kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, a soke tafiya, fasinjoji su yi dafifi a gaban kanta. A yi ta hayaniya, ma'aikaci ya ce "za a tuntuɓe ku", kowa ya watse. Maganar baka ba ta dawo da kuɗi. Abin da ke dawo da shi takarda ce, kuma jigonta jimla ɗaya: kamfani ne ya soke tafiyar, ba kai ba.

Dalilin kuwa shi ne, idan fasinja ya fasa tafiya don kansa, ana zaftare masa tara gwargwadon sharuɗɗan tikitinsa, wani tikitin ma mai rahusa kusan ba abin da zai dawo. Amma idan kamfani ya soke, kuɗin tafiyar da ba a yi ba gaba ɗaya ne hakkinka. Wanda ya rubuta "ina so a soke tikitina" ya jefa kansa rukunin farko da hannunsa.

Sashe na 19 na dokokin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, na shekarar 2023, shi ne madogararka. Wanda ya sayi tikiti da tsabar kuɗi, nan take ake mayar masa. Wanda ya biya ta banki ko ta kati, cikin kwana 14. Bayan wannan akwai diyya, wadda daban take: kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti a tafiyar cikin gida, idan ba a sanar da kai sokewar ba aƙalla awa 24 kafin lokacin tashi. Sai dai idan abin da ya fi ƙarfin kamfani ne ya jawo, kamar hazo, diyya ta faɗi. Kuɗin tikiti kuwa bai faɗi ba. A nan ake yi wa mutane wayo, a ce musu "ai yanayi ne", su haƙura da duka biyun.

A ɗauka wata hajiya ta sayi tikitin Kano zuwa Legas a kan naira 150,000 ta banki, aka turo mata saƙon sokewa awa uku kafin tashi, aka ce matsalar jirgi ce. Yawanci da Turanci ake rubuta irin wannan takarda, amma abin da za ta ƙunsa shi ne:

"Ina da tikiti mai lamba kaza, a jirginku mai lamba kaza daga Kano zuwa Legas, ranar kaza. Kamfaninku ya soke tafiyar, ya sanar da ni awa uku kafin tashi. Ban karɓi sauyin jirgi ba. Ina neman a mayar mini da naira 150,000 a asusun da na biya da shi cikin kwana 14, bisa Sashe na 19 na dokokin NCAA. Ina kuma neman diyyar naira 37,500. Na haɗo da tikitin, da shaidar biya, da hoton saƙon sokewa."

Shi ke nan. Ba sai ta ba da labarin bikin da ta rasa ba, balle zagi. Mai karantawa lambobi yake nema don ya gano ta a kwamfuta. Lambobin biyu ne: PNR, haruffa ko lambobi shida da ke saman tikiti, da lambar tikitin kanta mai alƙaluma 13. Ta aika ta imel, domin ranar aikawa ta zama shaida.

Sau da yawa amsar da ke zuwa ita ce tayin ajiye kuɗin don wata tafiya nan gaba. Wanda ke yawan zirga-zirga yana iya karɓa, amma ya sani irin wannan ajiya tana da wa'adi, kuma da zarar ya amince da wuya ya sake ganin tsabar kuɗinsa. Mai son kuɗi ya amsa a rubuce cewa bai yarda ba.

Wanda ya saya ta hannun ejan kuma, kuɗin yawanci ta hanyar da suka shigo suke komawa, wato wajen ejan. Sai ya tura takardar ga su biyun, ya nemi kamfani ya faɗa masa ranar da ya biya, don kada a yi ta tura shi daga wannan zuwa wancan.

Idan kwana 14 suka cika shiru, a kai ƙara sashen kare hakkin fasinja na NCAA, wanda ke da jami'ai a manyan filayen jirgin sama na ƙasar nan. A haɗa da kwafin takardar farko, domin za su so ganin shaidar cewa an fara neman kamfanin.